Hajiya ta rasu, yayata tana Jidda, ƙanena yana Malesiya: yaya zan faɗa masu?

Assalamu alaikum Gwaggo. Mahaifiyarmu ta rasu ranar Lahadi da asuba a asibiti a nan Katsina, aka yi jana'iza bayan azahar. Yau Talata, har yanzu mutum biyu cikin 'ya'yanta ba su sani ba. Yayata tana aure a Jidda, da cikin wata bakwai. Autanmu yana karatu a Kuala Lumpur, saura kwana goma ya fara jarabawa. Kawunmu ya ce a ɓoye masu har shi ya gama jarabawa, ita kuma ta haihu. Idan sun kira sai in ce jiki ya yi zafi, tana barci. Gobe za a yi addu'ar uku. Na kasa cin abinci saboda wannan ƙaryar. Yaya zan yi?

Wani ɗa daga Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam ɗana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ka faɗa masu gobe da hantsi, kafin a zauna addu'ar uku. Da bakinka za su ji, ta waya, kowanensu da wani na jiki zaune kusa da shi. Sauran abin da zan rubuta duk bayanin yadda za ka yi ne.

Amma ka fara da kawu, domin ba za ka tsallake shi ba. Yau da daddare ka je gidansa, ka tafi da wani babba da yake jin maganarsa, ko gwaggonku ko limamin da ya sallaci Hajiya. Kada ka shiga da gardama. Tsoron da kawu yake ji na gaske ne, yana gudun kada ciki ya taɓu, yana gudun kada karatun shekaru ya zube a kwana goma. Ka nuna mashi ka fahimci haka, sannan ka shimfiɗa mashi abin da bai lissafa ba. A da, idan mutum yana Makka ko Kumasi, sai matafiyi ya isa da wasiƙa ake ji, don haka dangi suna iya zaɓar ranar da labari zai isa. Yanzu wannan ikon ya fita daga hannunku. Gobe gidanku zai cika, kuma cikin masu zuwa gaisuwa akwai ƙawayen yayarka da abokan ƙanenka na makaranta. Mutum ɗaya ya isa. Ya ɗora hoton Hajiya a WhatsApp da addu'a a ƙasa, ko ya aika wa ƙanenka “ya ƙarin haƙuri”, da kyakkyawar niyya, shi ke nan yaron ya ji mutuwar uwarsa shi kaɗai a ɗaki, wataƙila daren da zai wayi gari ya shiga jarabawa. Ni mamakina ma da aka kai Talata ba su ji ba. Ka ce wa kawu, ji dai za su ji, abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa masu bakin da za su ji daga gare shi.

Idan limamin yana wurin, shi ma zai tuna mashi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu. Haka kuma a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ya sanar da mutanen Madina shahadar Zaidu da Ja'afar da Ibn Rawaha tun kafin manzo ya iso da labari, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, idanunsa suna zubar da hawaye. Bai jinkirta ba, bai kuma lulluɓe maganar ba.

Na san wannan ciwon a jikina. Lokacin da mahaifina ya rasu ba na ƙasar, aka ɓoye mani kusan mako biyu, har wata baiwar Allah ta yi mani gaisuwa a bakin ƙofa, ta ɗauka na sani. Mutuwar na karɓe ta kamar yadda kowane musulmi yake karɓa. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne kwanakin nan da nake ta dariya da cin abinci, ina aika mashi gaisuwa ana ce mani yana amsawa, alhali yana kabari ban ko yi mashi addu'a ba. Shekaru na yi, duk wanda ya ce mani “lafiya lau” daga gida sai in ƙara kiran wani in tabbatar.

To idan kawu ya amince, kuma ina kyautata zaton zai amince, sai ka dubi agogo. Jidda tana gaban Katsina da awa biyu. Kuala Lumpur tana gabanmu da awa bakwai. A nan mutane suka fi yin kuskure, domin an saba idan an sallaci isha'i, baƙi sun watse, sai a ce bari yanzu a kira na waje. Ƙarfe takwas da rabi na dare a Ƙofar Marusa ƙarfe uku da rabi na dare ne a wurin ƙanenka. In ka tashe shi daga barci da wannan labari, babu wanda zai ruga wurinsa, babu ofishin makaranta a buɗe, sai shi da bango har gari ya waye. Saboda haka na ce da hantsi. Ƙarfe goma na safe a nan, sha biyun rana ne a Jidda, biyar na yamma a Kuala Lumpur. Ita tana da sauran yini a gabanta, shi kuma ya dawo daga aji, magariba ba ta yi ba, abokansa suna kusa.

Su biyun ka faɗa masu a cikin awa guda. 'Yan uwan da suke waje sun fi yawan magana da juna fiye da yadda na gida suke zato, kuma wanda ya fara ji zai ɗaga waya ya kira ɗayan yana kuka. Ka fara da yayarka, ita ce babba, hakkinta ne. Kafin ka ajiye ka ce mata, yanzu zan kira auta, ki ba ni rabin awa kafin ki neme shi.

Yanzu maganar wanda zai zauna kusa da su. Na yayarka mai sauƙi ne, mijinta. Ka kira shi yau bayan kun gama da kawu, ka faɗa mashi gaskiya duka, har da cewa an riga an yi jana'iza. Ka roƙe shi ya nemi izini a wurin aiki ya kasance a gida ƙarfe sha biyu. Ka tambaye shi lafiyar cikin, ko likita ya taɓa cewa tana da hawan jini ko wani abin da ake sa wa ido. Idan akwai, ya tuntuɓi likitarta da safe kafin lokacin. In akwai wata mace Bahausa da suke mutunci, maƙwabciya ko matar abokinsa, a sanar da ita ta zauna a shirye, ta shigo bayan an faɗa. Kada ta riga labarin shiga, don mace tana ganin an fara taruwa a ɗakinta da rana tsaka ta san an yi mutuwa, sai ta shiga lissafin ko waye, kuma wannan zullumin ya fi faɗar zafi. Ka ce wa mijin ya tabbata ta ci abinci, ta zauna, ba tana tsaye a madafa ba. Bayan ta ji, kuka da rawar jiki da kasa magana duk ba abin tsoro ba ne. Abin da zai sa ya ɗauke ta zuwa asibiti nan take shi ne zubar jini, ko fashewar ruwa, ko ciwon mara mai zuwa yana komawa kamar naƙuda, ko matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, ko ta ce motsin ɗan ya ragu.

Wasu za su ce a bar mijin ya faɗa mata. In kai ba za ka iya ba, to ya faɗa, amma kana kan layi. Tambayoyin da za ta yi, shi ba shi da amsarsu. Kai ne ka ga Hajiya a kwanakinta na ƙarshe.

Na ƙanenka sai ka ɗan yi nema. Ka duba cikin abokansa wanda ya taɓa ambata maka, ɗan Nijeriya wanda ya ɗan manyanta, mai iya riƙe magana. Mutum ɗaya, kada ka sanar da ƙungiyar ɗalibai gaba ɗaya. Ka kira shi da safiyar goben, awa ɗaya ko biyu kafin lokaci, don kada nauyin ya kwana a kansa. Aikinsa kawai ya je ɗakin ƙanenka ƙarfe biyar, ya tabbata ba ya kan hanya ko bisa babur, ya zauna. Faɗar ba tasa ba ce. Amfanin wannan abokin har da guje wa wani abu da ake yawan yi: a yi ta kira ba a ɗauka ba, mutum ya fito daga aji ya tarar da kira goma sha biyar daga gida. Wanda ya ga haka ya riga ya ji rabin labarin a mafi munin hanya.

Sai kalmomin. Mu Hausawa muna da ladabin kewaye mutuwa, kuma ladabi ne mai kyau idan ana zaune gaba da gaba, ana ganin fuska, ana ganin tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida. A waya, da layin da yake yankewa, kewayen nan azaba yake zama. “Jiki ya yi zafi”, “sai dai addu'a”, “sai haƙuri”, “ka yi ƙoƙari ka zo gida”, duk suna barin ƙofa a buɗe, kuma zuciyar ɗa za ta bi ta ƙofar nan ta ce tana da rai. An sha yin wanda ya ci bashi ya sayi tikiti don ya zo jinya, sai da ya shigo unguwa ya ga zaman makoki. Ko “an yi rashi” ba ta isa ba in ba a kira suna ba. Kalmar da ba ta da fassara biyu ita ce “ta rasu”, kuma dole ta fito daga bakinka a cikin minti na farko.

Ga yadda zan so ka yi. Ka sami ɗaki shiru, nesa da masu kuka da masu gaisuwa, ka tabbata wayarka da caji da kuɗi a ciki, don in kiran intanet ya ƙi ka kira kai tsaye. Murya kawai, ban da bidiyo a wannan kiran na farko, domin hoto yakan daskare a daidai inda bai kamata ba. Ka yi sallama, ka tambaya ko tana jin ka sosai, ka taƙaita gaisuwa. Sannan ka ce: “Yaya, labari ne mai nauyi zan faɗa maki, game da Hajiya.” Ka ɗan tsaya, numfashi ɗaya ko biyu. Sai ka ce: “Allah ya yi wa Hajiya rasuwa. Ta rasu ranar Lahadi da asuba, an yi jana'izarta bayan azahar.” Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, za ka ji kamar ka cika shi da wa'azi, ka daure. In ta yi salati ka taya ta. In ta ce “me ka ce?” ka maimaita da kalmomin nan dai, kada ka sassauta su. In layi ya yanke a tsakiya, ka sake kira nan take, in bai shiga ba ka kira wayar mijin.

Tambayar da kake tsoro za ta zo, daga ita ko daga auta ko duka biyun: tun Lahadi, kuma jiya na kira ka ce tana barci? Kada ka kare kanka, kada kuma ka jefa kawu a gaba, don wannan zai bar tabo a zumunci har bayan an manta da zafin yau. Ka ce: “An ji tsoron halin da kike ciki ne aka jinkirta. Ni na ce maki tana barci, ba gaskiya na faɗa ba, ki yafe mani.” In ta yi fushi ta ajiye waya, ka ƙyale ta, ka kira mijin bayan ɗan lokaci. Fushin kwana uku yana wucewa. Na wata biyu, da a ce an jira haihuwa, shi ne wanda ban san ranar wucewarsa ba.

Bayan kuka ya lafa, wanda yake nesa abu ɗaya yake nema, a ba shi abin da idonsa bai gani ba. Ka shirya amsoshin tun kafin ka kira: me likita ya ce ya yi sanadi, wa yake wurinta lokacin da ta cika, ta yi magana ko ba ta yi ba, ta ambace su, su wa suka yi mata wanka, wa ya ja sallah, a wace maƙabarta aka kai ta, Ɗan Marna ko Ɗan Takum ko wata, kusa da kabarin wa. Abin da ka sani ka faɗa. In ba ta bar wasiyya ba, kada ka ƙirƙira mata don ka sanyaya masu rai, domin wata rana za su tambayi wanda yake wurin. In ta sha wahala, ba sai ka zayyana ba, amma kada ka ce cikin barci ta tafi in ba haka aka yi ba. Hoton gawa ko na makara kuma, in ma wani ya ɗauka, kada a tura masu.

Mutumin da ya ji irin wannan labari ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa mashi. Don haka bayan kiran, ba kafinsa ba, ka tura wa kowanensu rubutaccen saƙo gajere da zai riƙa komawa yana dubawa. Kamar haka: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya ta rasu ranar Lahadi, kaza ga wata, da misalin ƙarfe biyar na asuba agogon Nijeriya, a asibiti a Katsina. An yi jana'iza a ranar bayan azahar, an kai ta maƙabarta kaza. Ana zaman gaisuwa a gida, yau Laraba addu'ar uku. Ina riƙe da wayata dare da rana.” Ka sa kwanan wata a lamba, ka rubuta “agogon Nijeriya”, kuma kada ka ce “jiya” ko “shekaranjiya”, tunda jiyanka ba lallai ta zama jiyansa ba. Wannan saƙon, da cikakken sunan Hajiya a madadin “Hajiya”, shi za ka tura wa sauran dangi na nesa da suke Maraɗi ko Yamai ko wani wuri, amma sai bayan 'ya'yanta biyu sun ji.

Dukansu za su ce za su taho. Kada ka ce “ku zo”, kada ka ce “kada ku zo”, a ranar farko dai. Ka ce an riga an yi sutura, babu abin da gaggawa za ta riska, a kwana a yi shawara gobe. Yayarka tana zaune da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, sai mijinta ya fitar mata da bizar fita da dawowa, kuma yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita daga mai cikin da ya wuce mako 28, wanda ita tana daidai wurin. Wannan hukuncin likitarta da mijinta ne. Auta kuwa tafiyarsa ta fi kwana guda, da sauyin jirgi a hanya, ya sauka Kano ko Abuja sannan ya kamo hanyar Katsina a mota. Abin da zai fi yi mashi amfani a wannan makon shi ne takarda. Ka karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibitin, ka ɗauki hotonta sarai ka tura mashi, daga baya ka yi rajistar rasuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su ne masu ba da takardar hukuma. Da ita zai je wurin malamin da yake kula da karatunsa ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya nemi a ɗaga mashi jarabawa in ya ga ba zai iya ba. Ka lura, irin wannan roƙon kafin jarabawa ake shigar da shi ya fi karɓuwa. Kwana goman nan da kawu yake ganin dalilin ɓoyewa ne, su ne damar yaron ta yin kuka, ya nemi uzuri, ko ya natsu ya zauna ya rubuta.

Zai tambaye ka abin da zai yi wa Hajiya daga can, tunda bai sami sallarta ba. Addu'a da sadaka suna isa daga ko'ina. Wataƙila kuma abokansa su kai sunanta masallaci a yi mata sallar gawa daga nesa, domin mutanen Malesiya mazhabar Shafi'i suke bi, kuma a wurinsu ana yin ta, hujjarsu sallar da aka yi wa Najjashi. Mu nan da muka tashi a kan mazhabar Maliku ba mu saba yi ba. Saɓani ne na malamai tun da daɗewa, don haka in ya ce an yi, kada wani a gida ya ce mashi ya yi baƙon abu.

In an zauna addu'ar, ka tambaye su ko suna so ka bar waya a buɗe su saurara, su shafa tare da ku. Wani yana so, wani ba ya iyawa, kowanne ka bi shi a yadda ya ce. Ka miƙa wa kawu wayar ya yi masu gaisuwa da bakinsa, wannan zai wanke abin da ke tsakani tun bai yi tsami ba. Ka roƙi abokin auta ya kwana a ɗakinsa daren farko, ya ga ya ci wani abu. Kai ma ka ci, ɗana, tun daren yau.

Ranar Alhamis ka sake kiransu a daidai lokacin nan, ƙarfe goma na safe. Ku a gida kuna da masu shigowa gaisuwa har bakwai, har arba'in, su kuwa daga kwana na biyu wayarsu za ta yi shiru. Ka riƙa faɗa masu wanda ya zo da wanda ya aiko, da abin alherin da aka faɗa a kan Hajiya. Kuma kafin mata su fara raba kayan ɗakinta, ka sa a ajiye komai har a tambayi yayarka da auta, tunda su ma magada ne, ko da carbinta ne ko mayafin sallarta wani yake so a ajiye mashi har ya dawo.

Gwaggonku